Saiwa Ɗaya, Rassa Uku: Yadda Ake Shirya Aikin Ƙirar Kalma

'Yan'uwa malamai da ɗalibai, tun da yake lokacin fita koyarwar gwaji ya ƙarato, na ga ya kamata mu yi magana a kan wani aiki da kusan kowane ɗayanku zai ba yara, watau aikin nan da ake ba yaro kalma ɗaya a ce ya fitar da suna da sifa da bayanau daga cikinta. Na duba littattafan shirin darasi na ɗalibai masu yawa, na ga galibi hanya ɗaya suke bi. Sukan ja layi uku a allo, su rubuta suna a kan na fari, sifa a kan na biyu, bayanau a kan na uku, sa'an nan su jera kalmomi goma a gefe su ce wa yara, "Ku cike." Wannan tsari daga littafin Turanci aka ɗauko shi, a can kuwa yana da dalili, domin Turanci yana da wata 'yar wutsiya mai haruffa biyu wadda in ka liƙa wa sifa sai ta zama bayanau. Hausa ba ta da irin wannan wutsiya. Saboda haka in yaro ya iso layi na uku, ko dai ya bar shi fili, ko ya ƙago abin da babu Bahaushen da ya taɓa faɗi. Abin da ya fi wannan muni shi ne yaro ya ba da amsa daidai, malami ya soke ta don ba ita ce ke cikin takardarsa ba.

A nan Potiskum abin yana da nauyi ƙwarai. A aji ɗaya za ka sami yaron da a gidansu Ngizimanci ake yi, da na Karekare, da na Bolawa, da na Barebari, da na Fulani, dukansu suna jin Hausa a kasuwa da wurin wasa, amma ba duka ne suke da kaka a gida wadda za ta ce, "A'a, ba haka ake faɗi ba." Abin da malami ya rubuta a allo shi ne za su tafi da shi.

To, bari mu fara da sunayen kayan aiki. Abin da ya rage na kalma bayan an cire mata duk abin da aka ɗafa mata shi ake kira saiwa. Abin da ake ɗafawa kuwa shi ne ɗafi. Wanda ya zo a gaba ɗafa-goshi, wanda ya zo a baya ɗafa-ƙeya. Waɗannan uku sun ishe mu yau.

Kuskuren fari da nake gani shi ne a ɗauki cikakkiyar kalma a ce ita ce saiwa. Malami ya rubuta "rubuta" ya ce ga saiwa. Ba ita ba ce, domin wasalin ƙarshen nan shi ma ɗafi ne. Hanyar gane saiwa ita ce ka tara 'yan'uwan kalmar wuri ɗaya ka duba abin da suka yi tarayya a kai. Ga rubuta, ga rubutu, ga marubuta, ga rubutattu. Abin da bai motsa ba shi ne rubut-, shi ne saiwa. Saiwa ba a faɗinta ita kaɗai a magana, shi ya sa muke sa mata ɗan layi a ƙarshe, don a san ana jiran wani abu.

Yaro mai lura zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai a marubuci da rubutacce babu t, c ne." Wannan yaro ya yi tambaya mai kyau, kada a kore shi. Amsar ita ce, a Hausa akwai baƙaƙe waɗanda in ɗafi mai farawa da i ko e ya biyo bayansu sai su sauya kama. T yakan zama c, s ya zama sh, d da z sukan zama j, w kuma ya zama y. Shi ya sa muke cewa ya gasa nama amma naman yana gashe, muke cewa gado amma magaji, muke cewa Hausa amma Bahaushe, muke cewa ɓarawo amma ɓarayi. In kana son ka san baƙin asali, nemi siffar da ta ƙare da a ko u ko o, galibi jam'i yakan tona asiri. Magaji ɗaya, magada da yawa, ga d ya komo. Masallaci ɗaya, masallatai da yawa, ga t ya komo. Ni a ganina wannan shi ne abu na fari da ya kamata a koya wa yara kafin a ba su ko kalma ɗaya su sarrafa, gama rabin kurakuran da za ku gyara a littattafansu daga nan suke fitowa. Za ku ga "marubuti", za ku ga "gasasse", kuma yaron bai yi wauta ba, ƙa'idar ya bi, sai dai ba a gaya masa sauranta ba.

Yanzu sai suna. Hanyoyin fitar da suna suna da yawa, amma zan tsaya a kan ɗafa-goshin nan ma-, don shi ne ya fi yawan 'ya'ya, shi ne kuma ya fi ruɗa malamai. Abin da za a riƙe shi ne ma- ba ya tafiya shi kaɗai, kullum da ɗafa-ƙeya suke zuwa, kamar ƙwarya da faifai. Sunaye iri uku yake haifarwa: sunan mai yin aiki, da sunan wurin da ake yin aikin, da sunan abin da ake yin aikin da shi.

Mu shiga kasuwar hatsi ta garin nan mu ɗauki aikatau "auna", saiwarsa aun-. Mutumin da sana'arsa ke nan ma'auni ne, in mace ce ma'auniya, in suna da yawa ma'auna. Watau ma- a gaba, sa'an nan -i ga namiji, -iya ga mace, -a ga jam'i. Wurin da ake awon kuwa shi ma ma'auna. Kwanon da ake awon da shi, ko sikeli, shi ma ma'auni, jam'insa ma'aunai. Kun ga abin da ya faru? A rubuce muna da ma'auni biyu da ma'auna biyu, ba abin da ya raba su a takarda. A baki kuwa Bahaushe ba ya ruɗewa ko kaɗan, domin karin sauti ya raba su. In mutum ake nufi, murya takan fara a sama, ta sauka a tsakiya, ta sake hawa a gaɓar ƙarshe. In wuri ake nufi ko kayan aiki guda ɗaya, murya takan tsaya a sama tun daga fari har ƙarshe, ba sauka. Ku faɗi waɗannan da ƙarfi ku saurari kanku: "Ma'auna sun tashi," sa'an nan, "Na kai gero ma'auna." Haruffa ɗaya, kalmomi biyu.

Haka abin yake a sana'o'inmu na gargajiya kusan duka. Maƙera su ne masu ƙira, maƙera kuma ita ce rumfar da suke ƙirar. Marina masu rini, marina wurin rini. Majema masu jima, majema wurin jima. In ka bar kasuwar shanu ka bi naman inda ya tafi, za ka iske mahauta suna aiki a mahauta. Kai, ko kalmar da muka fi kowace faɗi a kwalejin nan haka take: makaranta inda muke zaune, da makaranta wannan mujalla, watau ku ke nan.

Ga abin da wannan ya jawo wa mai shirya aiki. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Saboda haka in ka rubuta "marina" ita kaɗai a allo ka ce yaro ya faɗi ma'anarta, tambaya ɗaya ka yi mai amsa biyu. In ka ce ya kawo jam'in "ma'auni", wanda ya rubuta ma'auna ya yi daidai, wanda ya rubuta ma'aunai shi ma ya yi daidai. Maganin abin shi ne kada ka ba da kalma tsirara. Sa ta cikin jimla, jimlar ta nuna abin da kake nema. Wanda yake son ya ga yadda ake sa alamar karin sauti, ya duba ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949, dukansu sun nuna karin kowace kalma. Amma ban ce a ɗora wa yaran firamare alamomi ba. Kunnensu ya ishe su, in dai malami ya faɗi jimlar da bakinsa.

Sunan wuri ba kullum yake ƙarewa da -a ba. Akwai waɗanda suke ƙarewa da -i, su kuwa maza ne: masauki daga sauka, mazauni daga zauna, masallaci daga sallata. Aikatau mai gaɓa ɗaya kuma yakan nemi y ya tokare shi: bi ya ba da mabiyi, sha ya ba da mashayi da mashaya. Waɗannan a ajiye su sai darasi na biyu.

Wani abin sha'awa, yaran da suka yi karatun Larabci ba za su ga baƙon abu a nan ba, don Larabci ma da m yake fara sunan wuri da na kayan aiki: masjidu wurin sujada, miftahu abin buɗewa, kamar dai namu masallaci da mabuɗi. Masana harsuna sun ce ba aro ba ne, gado ne, domin Hausa da Larabci dangi ne na nesa. Ngizimanci da Karekare da Bolanci kuwa dangin Hausa ne na kusa, dukansu cikin rukunin harsunan Cadi suke. Marigayi Russell Schuh ya zauna a garin nan yana nazarin Ngizimanci, ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1981. In kana da yaran waɗannan harsuna a ajinka, tambaye su yadda suke kiran maƙeri da mabuɗi a gida, ka bar su su kwatanta da kansu.

Sai iyakar ƙa'idar, gama kowace ƙa'ida tana da inda ta tsaya. Da fari, ba kowane ma- ne ɗafi ba. Mage da mako da mangwaro ba a ɗafa musu kome ba, haka aka same su. Gwajin shi ne ka cire ma- ka ga ko abin da ya rage yana da aikatau mai ma'anar da ta dace. Mabuɗi ya ba ka buɗe, madubi ya ba ka duba, magogi ya ba ka goga. Amma a yi hankali da masara. Yaro zai cire ma- ya sami "sara" ya yi murna, alhali masarar da muke gasawa ba ruwanta da sara, masana sun ce daga sunan ƙasar Masar ta samo sunanta. Na biyu, wani lokaci ƙa'ida takan ba da kalma amma harshe ya riga ya ba wata kalma wurin. Daga noma mun sami manomi da manoma, amma wurin noma gona ce. Daga sata ƙa'ida za ta ba ka "masaci", amma in ka yi ihu da wannan a tasha ba wanda zai bi kowa da gudu, ɓarawo ake cewa. Na uku, akwai sunan da ya rayu bayan aikatau ɗinsa ya ɓace daga bakin mutane. Mahauci yana nan, mahauta tana nan, amma ba ka jin an ce wane yana "hauta", sana'ar fawa ake kiranta. Irin waɗannan kada a sa su cikin aikin yara, sai dai a kawo su don nishaɗi bayan an gama.

Mu wuce zuwa sifa. Hanyar da ta fi kowace tabbata ita ce wadda ke nuna an riga an yi wa abu aikin. Matakanta uku ne. Ka ɗauki saiwa, ka sa mata a, ka maimaita baƙin ƙarshe na saiwar sau biyu, sa'an nan ka rufe da e. Daf- ya zama dafaffe, buɗ- ya zama buɗaɗɗe, aun- ya zama aunanne. In mace ce sai e ya ba -iya wuri, dafaffiya. In jam'i ne sai u, dafaffu. Ka'idar sauya baƙi tana nan tana jira: daga kiwata, saiwa kiwat-, namiji kiwatacce, mace kiwatacciya, amma jam'i kiwatattu, don u ba ya taɓa t. Duk wanda ya taɓa bin dillali a kara ya ji ana cewa kiwataccen sa, kiwatacciyar saniya, kiwatattun shanu. Wajen rubutu kuma, in baƙin mai haruffa biyu ne, harafin fari kaɗai ake ninkawa: gasasshe, tatsattsiya.

A nan ne nake roƙonku ku sa ido a kan jinsi. A garuruwan da Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin kabilu da yawa, irin namu, bambancin namiji da mace yakan yi rauni a bakin mutane, za ka ji yaro ya ce "dafaffen kaza" ba tare da ya ji wani abu ya karce masa kunne ba. In aikinka layi uku ne kawai, yaron zai rubuta "dafaffe" ya ci maki, kai kuwa ba za ka taɓa sanin bai iya dafaffiyar kaza ba. Don haka kowace sifa a nemi siffofinta uku, kowace da sunan da za ta bi.

Akwai hanya ta biyu, ita kuwa daga suna take tashi. Sunaye irin su ƙarfi, zafi, zurfi, faɗi, kauri, zaƙi, watau na abin da jiki ke ji ko ido ke gani, sukan ninka gaɓar fari su ƙare da a: ƙaƙƙarfa, zazzafa, zuzzurfa, faffaɗa, kakkaura, zazzaƙa. Namiji da mace siffa ɗaya suke da ita, sai mahaɗi ya raba su, ƙaƙƙarfan sa, ƙaƙƙarfar saniya. Jam'i kuwa wata hanya yake bi, baƙin ƙarshe yake maimaitawa, ƙarfafan shanu, zurfafan rijiyoyi. Ku lura duk sunayen nan gaɓa biyu gare su, da i suke ƙarewa. In suna ya fita daga wannan gida, ƙa'idar ba ta bin sa. Hankali ba ya ba da "hahhankala", kuɗi ba ya ba da "kukkuɗa". A nan sai a koma ga mai da masu, mai hankali, masu kuɗi, kishiyarsu kuwa maras da marasa. In yaro ya rubuta "mai ƙarfi" inda kake jiran "ƙaƙƙarfa", Hausarsa daidai ce. In ɗafi kake so, sai ka faɗa tun a cikin tambaya.

To, ga mu a layi na uku, inda aka fi faɗuwa. Bayanau shi ne kalmar da ke gaya mana yadda aka yi aiki, ko inda aka yi shi, ko lokacin, ko halin da abu yake ciki. Na ce Hausa ba ta da wutsiya ɗaya mai mai da kowace sifa bayanau, amma tana da ɗafa-ƙeya ɗaya mai aminci wanda ke fitar da bayanau daga aikatau, shi ne -e. Zauna ya ba da zaune, tsaya ya ba da tsaye, kwanta ya ba da kwance, dafa ya ba da dafe, rubuta ya ba da rubuce. Yakan zo bayan yana, tana, suna, ko kuwa bayan a: yana zaune, ya ci abinci a tsaye, ya kawo ƙararsa a rubuce, ya shigo a fusace. Ga t ya sake zama c a kwance da rubuce da fusace, kun ga amfanin abin da muka fara da shi.

Yara sukan gauraya wannan da sifa, don ma'anarsu ta yi kusa. Bambancin yana wurin zamansu. Sifa tana manne da suna, tana bin jinsinsa da adadinsa: gasasshen nama, gasasshiyar masara, gasassun kaji. Bayanau kuwa ba ruwansa da jinsi ko adadi, yadda yake haka yake: naman yana gashe, masarar tana gashe, kajin suna gashe. Wannan shi ne gwajin da ya fi sauƙi. Sauya sunan daga namiji zuwa mace. In kalmar ta sauya, sifa ce. In ta tsaya cik, bayanau ce.

Akwai tarko ɗaya a nan. Wasu aikatau da ma da e suke ƙarewa, irin su buɗe, rufe, ɗaure, kulle. In ka rubuta "ɗaure" a allo ka ce a mai da shi bayanau, yaro zai dube ka, don amsar ita ce "ɗaure". A baki sun bambanta: a "ya ɗaure sa" murya daga sama take sauka, a "san yana ɗaure" daga ƙasa take hawa. A takarda kuwa sai jimla. Kun ga mun sake komowa ga maganar ɗazu.

Sauran bayanau na Hausa galibi ba da ƙari ake yin su ba. Wasu da ragi ake yi: zuciya ta zama zuci, "ya faɗa a zuci"; kai ya zama ka, "ta ɗauka a ka"; baki ya zama baka, "ya faɗa da baka". Wasu kuma da ko a ake sa wa suna: da sauri, da ƙarfi, a hankali. Wasu ninki ne, maza-maza, sannu-sannu. Saboda haka in ka ba yaro "ƙarfi" ka ce ya kawo bayanau, amsarsa "da ƙarfi" ce, kalma biyu, ba ɗafi a ciki, kuma ba wata amsa da ta wuce ta. Shawarata ita ce, in darasin na ɗafi ne, a ɗauko saiwoyin daga aikatau, don su ne ke iya cika layi ukun nan duka. Sunaye irin su ƙarfi a yi musu ranarsu dabam.

Bari in nuna yadda ni nake tafiyar da darasin a minti 40, da saiwa ɗaya, ɗaur-. Minti 10 na fari ba na rubuta ƙa'ida ko ɗaya. Nakan ce yara su kawo mini duk kalmar da suka sani mai kama da "ɗaure", ina rubutawa a allo yadda suka zo. Sukan kawo ɗaura, ɗauri, ɗauro, ɗaurarre, maɗauri. Lalle wani zai kawo ɗauka ko ɗauke, shi ma sai in rubuta. Sa'an nan in ce su ja layi ƙarƙashin abin da bai sauya ba. Da kansu za su ga ɗauka ta fita daga dangi, don saiwarta ɗauk- ce, ma'anarta kuma dabam. Minti 15 na biye sai jimloli masu gurbi, ina karanta kowace da baki kafin su rubuta:

Dillali ya nemi ______ don ya ɗaure kayansa. (abin da ake yin aikin da shi)
______ igiyar nan bai yi ƙarfi ba. (sunan aikin kansa)
An kawo ______ sa ɗaya, da ______ saniya ɗaya, da ______ awaki biyar.
Mun iske shanun a ______ a gindin bishiya.

Amsoshin su ne maɗauri, ɗaurin, ɗaurarren, ɗaurarriyar, ɗaurarrun, ɗaure. Ku lura jimla ta uku ita kaɗai ta gwada abu uku, ta kuma tilasta wa yaro ya sa mahaɗi, -n ko -r, wanda layi uku ba ya taɓa nema. Minti 15 na ƙarshe sai in ba su saiwa biyu su yi nasu jimlolin, ɗaya mai sauƙi kamar daf-, ɗaya mai sauya baƙi kamar gas-. Fiye da saiwa uku a darasi ɗaya ya yi yawa. Kalmomi goma da nake gani a littattafanku aikin mako biyu ne.

Wajen ba da maki, nakan raba kowace amsa gida biyu, maki ɗaya na ɗafin da ya dace, maki ɗaya na rubutu da jinsi. Wanda ya rubuta "gasassen nama" ya san ɗafi, sauya baƙi ya kuɓuce masa, ya ci ɗaya. Wanda ya rubuta "gasasshen masara" ya san ɗafi da sauya baƙi, jinsi ya kuɓuce masa, shi ma ɗaya. Da haka in ka tattara littattafai za ka san abin da za ka maimaita gobe. In kuwa yaro ya kawo kalmar da ba ka sani ba, kada ka yi saurin jan jan biro. Sa mata alama, ka duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, ko ka tambayi dattijo mai sana'ar, don sau da yawa ɗan maƙeri ya fi malami sanin sunayen kayan maƙera.

Ga naku aikin. Ku ɗauki waɗannan saiwoyi huɗu: rin-, ƙer-, jem-, karant-. Daga kowace ku fitar da sunan mai aiki namiji da mace da jam'i, da sunan wuri, da sifa cikin siffofinta uku, da bayanau, kowace kalma cikin jimlarta. Sa'an nan ku kawo sunan aikin kansa, watau sana'ar, ku duba da kyau abin da ya sami wasalin cikin saiwa a ƙer- da jem-, ku faɗi abin da kuka gani. A miƙa amsoshi ga editan shafukan Hausa kafin a fita koyarwar gwaji, za mu buga waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba.